Idon Mai Juna Biyu: Hazon da Ke Wucewa da Wanda Ba a Kwana da Shi

Juna biyu na taɓa ido kamar yadda yake taɓa ƙafa da ƙugu da fatar fuska. Daga makonnin farko sinadaran jiki da ake kira homon, musamman istirojin da furojestaron, suna ƙaruwa sosai, jini yana yawaita har ya ƙaru da kusan rabin yadda yake a da, jiki kuma yana riƙe ruwa. Ido nama ne mai rai da ke cike da ƙananan jijiyoyin jini, don haka duk waɗannan canje-canje suna isa gare shi. Mafi yawan abin da mai ciki ke ji a idonta ba shi da haɗari, kuma yana gushewa bayan haihuwa ba tare da magani ba. Sai dai wani ɓangare nasa alama ce ta ciwon da kan kashe uwa da ɗan da ke cikinta. Wahalar ita ce duk biyun da baki ɗaya ake faɗinsu. Mace ta ce tana ganin hazo-hazo, ko ta ce idonta na yin dishi-dishi, kuma daga wannan magana kaɗai ba a iya gane wanne ne.

Abin da ke raba su shi ne inda matsalar ta taso. Wadda ta taso daga gaban ido, wato daga hawaye da kuma fatar nan mai haske da ta rufe baƙin ido, yawanci mai sauƙi ce, a hankali take zuwa. Wadda ta taso daga bayan ido ko daga ƙwaƙwalwa kuwa takan faɗo ne farat ɗaya, kuma sau da yawa tana tafe da ciwon kai ko hawan jini.

Lambar tabarau da ke gocewa

A gaban ƙwayar ido akwai wata fata mai haske, a lanƙwashe, wadda likitoci ke kira koniya. Ita ce ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske domin hoto ya faɗa daidai a kan retina, wato shimfiɗar da ke bayan ido mai karɓar hoto. Kaurin koniya bai fi rabin milimita da ɗan kaɗan ba, saboda haka ƙaramin canji a jikinta yana canja gani. Ruwan da jikin mai ciki ke riƙewa, wanda ke sa zobe ya matse yatsa, yana shiga koniya ma. Takan ɗan yi kauri, lanƙwasarta ta ɗan ƙaru, hoto ya riƙa faɗawa gaban retina maimakon a kanta. Sakamakon shi ne abu na nesa ya daina fitowa tar, na kusa kuwa ya ci gaba da ganuwa. An fi ganin wannan daga tsakiyar ciki zuwa ƙarshensa.

Ƙarfin tabarau da ma'auni mai suna dayofta ake auna shi, shi ne lambar da ake rubutawa a takardar gwajin ido. Gocewar da ciki ke kawowa ba ta cika kai dayofta 1 ba. A ɗauki misalin tela mai tabarau mai lamba -2.00, wadda ta shiga wata na bakwai ta lura ba ta iya karanta rubutun da ke wucewa a ƙasan talabijin daga inda ta saba zama, amma tana zura zare a allura ba wata matsala. In aka gwada ta a wannan lokaci ana iya samun -2.50 ko -2.75. In ta biya kuɗi aka yanka mata sabon gilashi a kan wannan lamba, zai yi mata daidai na wata biyu ko uku. Bayan ta haihu ruwan ya sauka, koniya ta koma yadda take, sabon tabarau ya yi mata ƙarfi, ya riƙa sa mata ciwon kai in ta daɗe a kan keken ɗinki. Wannan ne dalilin da ya sa masu gwajin ido ke cewa a jira aƙalla mako 6 bayan haihuwa kafin a canja lamba, wasu ma sukan ce a kai wata 3, domin a wurin wasu mata shayarwa na jinkirta komawar ido daidai.

Wannan shawara ba doka ba ce. Macen da ke tuƙa mota, ko malamar da aikinta ke buƙatar hangen nesa, ba dole ne ta zauna cikin hazo na wata huɗu ba. Tana iya yanka gilashi mai araha a kan tsohon firam, da sanin cewa na wucin gadi ne, ta ajiye tsohon gilashin kada ta yar. Abin da ba a yi ko kaɗan a wannan lokaci shi ne aikin leza na gyaran gani, wanda ake sassaƙe koniya don a rabu da tabarau. Aiki ne da ba ya komawa baya, kuma in an yi shi a kan ma'aunin da bai tsaya ba, kuskuren ya zauna ke nan. Ana ɗage shi sai an yaye yaro lamba ta tsaya. Masu sa ɗan gilashin nan da ake mannawa a kan ƙwayar ido su ma sukan ji ya daina zama musu daidai, yana ƙaiƙayi ko yana zamewa. Koniyar mai ciki ba ta jin taɓi sosai kamar da, don haka tana iya ƙujewa mace ba ta ji da wuri ba. Komawa tabarau har a haihu ya fi kwanciyar hankali.

Akwai gwaji mai sauƙi da ake iya yi a gida. A sami kati mai kauri a huda shi da tsinin allura, a rufe ido ɗaya, a leƙa abu na nesa ta hudar da ɗaya idon, a wuri mai haske. In hoton ya fito fiye da da, matsalar ta lamba ce, domin ƙaramar huda tana barin hasken da ke tafiya kai tsaye ne kawai ya wuce. In hoton bai gyaru ba, ko ya ƙara duhu a tsakiya, ana zargin bayan ido, sai a nemi likita. Masu gwajin ido ma suna da irin wannan abin leƙe a cikin kayan aikinsu. Amma gwajin na hazon da ya zo a hankali ne. Wanda ya zo yau-yau ba a tsaya huda masa kati.

Bushewar ido

Hawayen da ke lulluɓe da ido koyaushe hawa uku ne. A ƙasa akwai ɗan yauƙi da ke manne shi da koniya, a tsakiya ruwa, a sama kuma siririn maiƙo da ke hana ruwan saurin bushewa. Maiƙon yana fitowa daga ƙananan ƙofofi da ke jere a bakin fatar ido, bayan gashin ido. Canjin homon yana rage aikin waɗannan ƙofofi, yana kuma taɓa kaluluwar da ke samar da ruwan. Mace ta riƙa jin kamar yashi a ido, da raɗaɗi, da nauyin fatar ido da yamma. Wani abin da ke rikita mutane shi ne busasshen ido yakan zubar da hawaye. Bushewar ce ke tsokanar ido ya kwararo da ruwa mai yawa lokaci ɗaya, amma ruwa ne marar maiƙo, ba ya tsayawa. Hazon bushewa yana da alamarsa: yana zuwa yana tafiya, in aka ƙifta ido sau uku ko huɗu sai ya washe na ɗan lokaci.

A ƙasar Hausa yanayi na ƙara wa abin ƙarfi. Cikin da ya tsufa a tsakiyar hunturu yana haɗuwa da busasshiyar iska da ƙura, wanda ya tsufa a bazara kuma yana haɗuwa da fanka da ake sa wa a fuska dare da rana. Ga hayaƙin itace a murhu, ga turaren wuta a rufaffen ɗaki. Kallon waya ma yana da nasa, domin mai kallon allo ba ya ƙifta ido kamar yadda ya saba. Mai laulayi da ke yawan amai kuwa ruwan jikinta ne ke raguwa gaba ɗaya.

Maganin farko shi ne hawayen roba, wato ruwan ɗigawa da ba shi da wani magani a ciki sai abin jiƙa ido. Ba ya cutar da ciki. Ana ɗiga shi sau uku ko huɗu a rana, in kuwa buƙata ta wuce haka, an fi son irin wanda ba a sa masa sinadarin hana lalacewa ba, mai zuwa cikin ƙananan robobi na amfani sau ɗaya. Gasa fatar ido da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan ɗumi, na minti 5 zuwa 10, yana narkar da maiƙon da ya daskare a ƙofofin. A juya fanka ta daina bugun fuska, a yi girki inda iska ke fita, a sha ruwa isasshe.

Inda ake samun ɓarna shi ne kemis. Mace ta je ta ce idonta ya yi ja yana ƙaiƙayi, a miƙo mata kwalbar da ke ɗauke da sitiroyid, irin su deksametason ko betametason. Cikin kwana biyu ido ya yi fari, ta ji daɗi, ta mayar da shi abin ɗigawa kullum. Irin wannan magani in an daɗe ana sa shi yana iya ɗaga matsin ruwan cikin ido har ya lalata jijiyar gani, yana kawo yanar ido, kuma in akwai miki a koniya yana ƙara masa zurfi. Haka ruwan sukari da ruwan ganye da nono da ake ɗigawa a gida, hanya ce ta shigar da ƙwayoyin cuta. Ido mai ja da ke ciwo sosai, ko mai gudun haske, ko mai fitar da mugunya, ko wanda farin ɗigo ya bayyana a kan baƙinsa, ya wuce bushewa.

Kwalli ma yana da magana a nan. Kwallin dutse na gargajiya sau da yawa daga ma'adinin dalma ake niƙa shi. A shekarar 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta wallafa labarin wani jariri a birnin Boston da aka samu da dalma mai yawa a jininsa, aka gano daga kwallin da aka kawo daga Nijeriya ne, wanda fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Dalmar na shiga jiki ne ta hannun da ya shafi ido ya koma baki, da kuma ta ƴar hanyar da ke kai hawaye hanci, kuma tana ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi, inda take taɓa ƙwaƙwalwa. Ban da haka, ranbaɗa kwalli a cikin bakin fatar ido yana toshe ƙofofin maiƙon nan. Wannan hanya ta hanci ita ce kuma dalilin da ya sa ake koya wa mai ciki, in likita ya rubuta mata maganin ɗigawa, ta rufe ido ta danna kusurwarsa ta wajen hanci da yatsa na minti 2, don maganin ya tsaya a ido kada ya gangara ya shiga jini.

Akwai wani raunin gani da ya shafi abinci, shi ne dundumi. Mace na gani lafiya da rana, amma da magariba ta yi sai ta riƙa tuntuɓe da kwanuka a tsakar gida. Ƙarancin bitamin A ne, kuma an fi ganin sa a watannin ƙarshe, lokacin da ɗan ciki ke jan kasonsa da yawa. Zogale, alayyaho, karas, kabewa, gwanda, mangwaro, manja da ƙwai duk suna maganinsa. Abin kiyayewa shi ne jan ƙwanson bitamin A mai ƙarfi da ake matsa wa yara a baki lokacin rigakafi ba na mai ciki ba ne, domin yawansa na iya nakasa ɗan tayi. In ana buƙatar ƙari, ma'aikacin lafiya ne zai ba da ɗan ƙaramin awo da ya dace.

Alamun da ba a kwana da su

Mafi girman haɗari shi ne hawan jinin masu ciki, wanda in ya yi tsanani yake kai wa ga jijjiga. Yana bayyana ne bayan mako na 20, kuma a duniya yana samun tsakanin kashi 2 zuwa 8 cikin 100 na masu ciki. Tushensa a mabiyiya yake. In jijiyoyin da ke ciyar da ita ba su buɗe yadda ya kamata ba, tana sakin wasu sinadarai da ke raunana bangon jijiyoyin jini a duk jikin uwa. Jijiyoyin su tsuke, jini ya hau, ruwa ya riƙa tsattsafowa daga cikinsu. A ƙoda wannan na sa furotin ya zube cikin fitsari. A hanta yana kawo ciwo a ƙahon zuci ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama. A ido kuwa ƙananan jijiyoyin retina suna tsukewa, wani lokaci ruwa ya taru a ƙarƙashinta ya ɗaga ta. Sashen ƙwaƙwalwa da ke fassara gani yana can ta ƙeya, kuma yana cikin wuraren da suka fi saurin kumbura in jini ya hau farat ɗaya. Shi ya sa gani ke cikin abubuwan da ke fara ba da labari.

Mace takan ce tana ganin walƙiya ko taurari suna tartsatsi, ko wani ɓangare na abin da take kallo ya ɓace, ko abu ɗaya ya zama biyu, ko haske yana sukar idonta. Wata ma ganin ne zai ɗauke gaba ɗaya alhali idon a buɗe yake lafiya ƙalau. Kusan ɗaya cikin huɗu na matan da ciwon ya yi wa tsanani suna da irin wannan koke, a cikin waɗanda suka kai ga jijjiga kuwa kusan rabi. Sau da yawa akwai ciwon kai mai tsanani da farasitamol ba ya sauke shi, da kumburin fuska da hannuwa, wanda ya bambanta da kumburin ƙafa na yamma da kusan kowace mai ciki ke yi.

A ɗauki misalin yarinya mai cikin fari a mako na 34. Ta tashi da asuba da ciwon kai, fuskarta ta kumbura, ta ce tana ganin wuta-wuta a gefen ido. A gida ana iya cewa rashin barci ne, ko a ce iska ce a nemi hayaƙi. A asibiti abin da za a fara yi bai wuce minti biyar ba: a auna jini, a tsoma ɗan tsinken gwaji a fitsari. Awon 140 bisa 90 ko sama shi ne hawan jini, 160 bisa 110 kuwa mai tsanani ne. A ce an sami 165 bisa 112, da furotin a fitsari. Za a kwantar da ita nan take, a ba ta maganin sauke jini irin su nifedifin ko labetalol ko haidiralazin, a yi mata allurar magniziyam salfet don hana jijjiga, a duba jininta da bugun zuciyar ɗan ciki, sannan likitoci su yanke lokacin da za a raba ta da cikin, domin fitar mabiyiya ne ke kawo ƙarshen ciwon. Babban binciken da aka wallafa a 2002, wanda ya haɗa mata kusan 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna wannan allura na rage aukuwar jijjiga da fiye da rabi. Ganin da ya ɗauke ta wannan hanya yawanci yana dawowa cikin sa'o'i ko ƴan kwanaki in an sauke jinin, retinar da ruwa ya ɗaga kuma takan kwanta cikin makonni.

Darasin wannan misali shi ne mai irin waɗannan alamu ɗakin haihuwa za a kai ta, ba shagon tabarau ba, kuma ba a jira ranar awo ta zagayo. Waɗanda suka fi shiga haɗarin su ne mai cikin fari, mai ƙarancin shekaru ko wadda ta haura 40, mai tagwaye, mai tsohon hawan jini ko ciwon ƙoda ko sukari, da wadda ta taɓa yin ciwon a cikin baya. Irin waɗannan likita kan ɗora su a kan ƙaramin asfirin tun da wuri, da kuma kalsiyam inda abinci ba ya wadatar da shi. Mai ciwon ɓarin kai da ta saba ganin zane mai ƙyalli na kusan rabin sa'a kafin kan ya sara na iya ɗauka tsohon ciwonta ne. Ko da haka ne, bayan mako na 20 sai an auna jini kafin a yarda.

Wasu alamun na ido ne kansa, ko na ƙwaƙwalwa, ba tare da jini ya hau ba. Baƙaƙen ɗige-ɗige masu yawo da suka yawaita farat ɗaya, tare da walƙiya a ido ɗaya da duhu da ke saukowa daga gefe kamar labule, na nuna retina ta yage ko tana ɓallewa, kuma wannan aikin likitan ido ne a ranar. An fi samun sa a masu babbar lambar rashin hangen nesa. Amma babbar lamba ita kaɗai ba dalilin yi wa mace tiyata ba ne, domin ba a sami shaidar cewa yunƙurin haihuwa na ɓalle retina ba. Akwai kuma ruwa da kan taru a tsakiyar retina a watannin ƙarshe, ya sa layi miƙaƙƙe ya lanƙwashe, abubuwa su ƙanƙance a ido ɗaya. Wannan yakan warke da kansa bayan haihuwa, amma sai an duba an tabbatar shi ne. Macen da aka taɓa samun ta da ƙari a kaluluwar nan ta ƙasan ƙwaƙwalwa mai sarrafa ruwan nono, in ta fara cin karo da mutane ta gefe, ƙarin ne mai yiwuwa ya girma ya danne jijiyar gani. Da yake ido mai lafiya na rufa wa ɗan'uwansa asiri, yana da kyau mai ciki ta riƙa rufe ido ɗaya lokaci-lokaci ta kalli bakin ƙofa ko layin taga da ɗayan.

Masu ciwo tun kafin ciki

Ciwon sukari yana lalata ƙananan jijiyoyin retina a ɓoye, ba ciwo ba hazo, sai ɓarnar ta yi nisa. Ciki yana hanzarta wannan ɓarna, musamman ga wadda ta daɗe da ciwon ko take da hawan jini tare da shi. Wani abin mamaki shi ne sauke sukari da sauri bayan ya daɗe a sama yana iya ƙara tsananta retina na ɗan lokaci. Wannan ba hujjar barin magani ba ce, hujjar duba ido ce a lokacin da ake gyara sukarin. Ƙa'idar ita ce a duba bayan ido kafin ɗaukar ciki ko a watanni ukun farko, a sake wajen mako na 28, wadda aka ga alamar ɓarna a idonta kuma a riƙa duba ta a tsakani. Dubawar tana buƙatar ɗiga maganin da ke buɗe ɗan tsakiyar ido, kuma wanda ake amfani da shi don gwaji ba a san shi da cutar da ciki ba. Zai sa hazo da gudun haske na ƴan sa'o'i, don haka a zo da ɗan rakiya. In ɓarnar ta kai matakin fitar da sababbin jijiyoyi masu saurin fashewa, ana gasa retina da leza ko da cikin, amma allurar da ake yi a cikin ido don hana tsirowar jijiyoyi ana kauce mata gwargwadon hali.

Sukarin da ya fara bayyana saboda ciki ba ya kawo wannan ɓarna, domin bai daɗe ba. Sai dai hawa da saukarsa na kumbura madubin da ke cikin ido, lamba ta riƙa canjawa daga rana zuwa rana. Hazon da ke tafe da ƙishirwa mai yawa dalili ne na gwada sukari. Masu sikila ma retinarsu na cikin haɗari, kuma nau'in SC, wanda ake ganin ya fi sauƙi a jiki, ya fi SS taɓa ido, saboda haka su ma duba bayan ido ya kama su tun farkon ciki.

Mai gilakoma, ciwon da ake kira hawan jinin ido, matsin idonta yakan ɗan sauka a rabin ƙarshe na ciki, amma wannan ba ya ba ta izinin ajiye magani da kanta. Wasu magungunan ne ke buƙatar canji. Timolol na iya rage bugun zuciyar ɗan tayi, birimonidin kuma ana dakatar da shi gab da haihuwa da lokacin shayarwa, domin yana iya danne numfashin jariri. Wannan tsari sai likitan ido da na haihuwa sun haɗa kai, a wurare irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko asibitin ido na ECWA da ke Kano, ko sashen ido na asibitocin koyarwa.

Bayan haihuwa

Yunƙurin naƙuda kan fasa ƴar jijiya a farin ido, a ga jini ya kwanta jawur. Yana ba da tsoro, amma in ba ciwo kuma gani bai ragu ba, yana washewa cikin mako ɗaya ko biyu. Haɗarin hawan jini kuwa bai ƙare da fitowar jariri ba. Jijjiga na iya zuwa bayan haihuwa, galibi a kwanakin farko, wani lokaci har zuwa mako 6, ko ga macen da jininta bai taɓa hawa ba a lokacin awo. Wannan lokaci ne na zaman jego, mace tana ɗaki ba ta fita, ana kuma ba ta kunun kanwa, wadda ke ɗauke da gishiri mai yawa da ke sa jiki ya riƙe ruwa. Mai jegon da ta koka da ciwon kai mai tsanani da hazo ko walƙiya a ido tana buƙatar awon jini a ranar, ko da ba a yi suna ba. Wadda ta haihu da hawan jini ya kamata a sake auna ta cikin makon farko, ta kuma nisanci kanwa.

Bushewar ido na iya ci gaba muddin ana shayarwa, kuma hawayen roba ba ya shafar nono. Mai ciwon sukari tana ci gaba da zuwa duba retina har shekara ɗaya bayan haihuwa, domin ɓarnar da ciki ya tayar ba ta tsayawa nan take. Mai tabarau kuwa, in an yi arba'in ta ga har yanzu tsohon gilashinta bai yi mata daidai ba, sai ta je gwaji da shi da kuma tsohuwar takardar lambarta. In sabon awon ya bambanta da na da sosai kuma tana shayarwa, mai gwajin zai iya cewa ta dawo bayan wata ɗaya ko biyu a maimaita, sai awo biyu sun zo daidai sannan a yanka gilashi mai tsada.